A biyan wata na goma, nawa ne kuɗin ruwa, nawa ne uwar kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karɓi bashin naira 1,200,000 a banki, kuɗin ruwa kashi 24 cikin 100 a shekara, zan biya cikin wata 24. Duk wata ana cire naira 63,445.32 daga albashina. Na biya wata tara, wato sama da naira dubu 571, amma da na tambaya sai aka ce saura naira 815,225.59. Ni a lissafina bai kai dubu 630 ba. Yaya ake raba abin da nake biya, kuma a wata na goma da ke tafe nawa ne kuɗin ruwa, nawa ne uwar kuɗi? Ina so in iya lissafawa da kaina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A wata na goma naira 16,304.51 kuɗin ruwa ne, naira 47,140.81 kuma su ne za su rage uwar kuɗi. Adadin da aka ce ya rage maka ma daidai yake, na lissafa ya fito haka. Na daɗe ina haɗa jadawalin biyan bashi irin naka a sashen ba da rance, kuma zai yi wuya mako ya wuce ban zauna da wani da ya zo da irin lissafinka ba, ya ɗebe duk abin da ya biya daga abin da ya karɓa, ya ga giɓi, ya ce an cuce shi. Wani lokaci da gaskiyarsa, amma mafi yawa ba a yi masa bayani ba ne tun ranar sa hannu.

Ƙa'idar guda ɗaya ce. Kuɗin ruwan kowane wata ana lissafa shi ne a kan abin da ake binka a farkon wannan watan, ba a kan abin da ka karɓa tun asali ba. Idan biyanka ya shiga, banki yakan fara ɗaukar kuɗin ruwan watan, abin da ya saura shi ne yake taɓa uwar kuɗi. Saboda haka abu uku kawai kake bukata kafin ka raba biyan kowane wata: ragowar bashi a farkon watan, kason ruwa na wata guda, da kuma adadin da ake cire maka.

Kason wata guda shi ne na shekara a raba gida goma sha biyu. Kashi 24 a raba 12 ya ba da kashi 2 cikin 100, wato 0.02 a kalkuleta. Ragowarka bayan biya na tara naira 815,225.59 ce. Ka ninka ta da 0.02, za ka samu 16,304.51. Ka ɗebe wannan daga 63,445.32, saura 47,140.81. Idan ka ɗebe wannan kuma daga ragowar, bashin da za ka shiga wata na sha ɗaya da shi ya zama naira 768,084.78. Aikin ke nan gaba ɗayansa, in dai kana da ragowar a hannu kuma ka yarda da ita.

To amma kai ba ka yarda da ita ba, don haka bari mu koma wata na farko mu ga yadda aka iso nan.

Ranar da kuɗin ya shigo asusunka, ana binka 1,200,000 cif. Ruwan wata na farko kashi 2 ne na wannan, naira 24,000. Da aka cire maka 63,445.32, abin da ya sauka a kan uwar kuɗi 39,445.32 ne kawai, bashi ya koma 1,160,554.68. A wata na biyu sai ruwan ya ɗan sauka zuwa 23,211.09, tunda bashin ya ragu, abin da ya tafi ga uwar kuɗi kuma ya hau zuwa 40,234.23. A wata na uku ruwa 22,406.41, uwar kuɗi 41,038.91. Abin da ake cire maka bai canza ba ko da kwabo, amma cikinsa yana juyawa a hankali, ruwa yana ƙanƙancewa, rabon uwar kuɗi yana faɗaɗa. In ka bi layi-layi har tara, za ka tarar cewa a cikin naira 571,007.88 da ka biya, kimanin 186,233 ruwa ne, 384,774 ne suka rage bashi. Giɓin da ka gani tsakanin dubu 629 na lissafinka da dubu 815 na banki shi ne wannan ruwan na wata tara, ba wani abu ba.

Akwai wani abu a cikin waɗannan lambobi da yawancin mutane ba sa lura da shi, kuma shi ne mabuɗin tsallakawa zuwa kowane wata ba tare da bin layuka ba. Raba 40,234.23 da 39,445.32, za ka samu 1.02. Raba 41,038.91 da 40,234.23, 1.02 ne kuma. Rabon uwar kuɗi yana ƙaruwa da kashi 2 cikin 100 daidai kowane wata. Dalili a fili yake: duk nairar da ka biya ta uwar kuɗi a wannan wata, ta sauke maka ruwan kwabo biyu a wata mai zuwa, kuma tunda biyanka bai ragu ba, waɗannan kwabo biyu sai su koma ɓangaren uwar kuɗi. Saboda haka in ka san rabon uwar kuɗi na wata na farko, ka san na kowane wata:

```
U(k) = U(1) × (1 + r)^(k − 1)
R(k) = A − U(k)
```

A nan `k` shi ne watan da kake so, `r` kason wata guda, `A` abin da ake cirewa duk wata, `U` uwar kuɗi, `R` ruwa. A wata na goma, 1.02 za ka ninka da kansa sau tara, ba sau goma ba, domin daga wata na ɗaya zuwa na goma taki tara ne. Wannan ya ba da 1.19509257. Ninka shi da 39,445.32, sai ga 47,140.81, daidai da abin da muka samu ta hanyar ragowar da banki ya faɗa maka. Hanya biyu da ba su dogara da juna ba sun haɗu a wuri ɗaya, shi ya sa na ce maka adadinsu daidai ne.

Kana iya tahowa daga ƙarshe ma, kuma ni na fi son wannan hanya idan bashin ya kusa ƙarewa. Raba `A` da 1.02 sau adadin biyan da suka rage, har da na watan da kake tambaya. A wata na goma biya 15 ne suka rage, daga na 10 zuwa na 24. In ka ninka 1.02 sau 15 za ka samu 1.34586834, ka raba 63,445.32 da shi, amsar ita ce dai, sai ko bambancin kwabo. A wata na ƙarshe sau ɗaya kawai za ka raba: uwar kuɗi 62,201.29, ruwa 1,244.03. Ka kwatanta wannan da 24,000 na wata na farko.

Kuskuren da na fi gani, har a wurin sababbin ma'aikata, shi ne kuskuren layi ɗaya. Jadawalin biya yakan nuna ragowa iri biyu a kowane layi, ta farkon wata da ta bayan biya, wani kuma ta bayan biya kaɗai yake nunawa. Mutum sai ya kai yatsa layi na goma, ya ɗauki ragowar da ke ƙarshen layin, 768,084.78, ya ninka da 0.02, ya samu 15,361.70, ya ce banki ya ƙara masa naira ɗari tara da wani abu. Alhali ruwan wata na sha ɗaya ya lissafa. Ruwan wata na goma yana fitowa ne daga ragowar da ke ƙarshen layi na tara. In ka riƙe wannan, ka tsira daga rabin rigimar.

In kana da kwamfuta ko manhajar lissafi a waya, aikin bai wuce minti ɗaya ba. Waɗannan suna aiki a Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc:

```
=PMT(24%/12, 24, -1200000)
=IPMT(24%/12, 10, 24, -1200000)
=PPMT(24%/12, 10, 24, -1200000)
=CUMIPMT(24%/12, 24, 1200000, 1, 9, 0)
```

Na farko yana ba ka biyan wata, na biyu ruwan wata na goma, na uku uwar kuɗin wata na goma, na huɗu kuma jimlar ruwan da ka biya daga wata na ɗaya zuwa na tara. Ka lura da abu biyu. In ka manta `/12` ka rubuta `24%` kaɗai, na'urar ba za ta yi maka gardama ba, za ta ɗauka kashi 24 ne a kowane wata, ta fito maka da lambar da za ta hana ka barci. Sannan `CUMIPMT` ba ya karɓar alamar ɗebewa a gaban adadin bashin kamar sauran ukun. In ka sa masa, saƙon kuskure zai nuna maka, irin su `#NUM!` a Excel. Ka rubuta adadin haka nan, amsar za ta zo da alamar ɗebewa a gabanta, ma'ana kuɗi ne da ya fita daga hannunka. Kuma `PPMT` zai nuna maka 47,140.80 maimakon .81, domin shi yana aiki da biyan da ba a datse ba, 63,445.3167, banki kuwa ba zai iya cire ƙasa da kwabo ba. Irin wannan bambanci na kwabo ɗaya ko biyar ba abin ɗaga hankali ba ne, a biyan ƙarshe ake daidaita shi.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan abin da ya fi muhimmanci gare ka, wato yadda za ka gane ko wannan lissafi ya shafi takardar da ke hannunka ko bai shafe ta ba. Naka ya shafa, domin 63,445.32 shi ne daidai abin da `PMT` ke bayarwa. Amma abokin aikinka da ya karɓi nasa a wani wuri, da adadi ɗaya da kaso ɗaya da tsawon lokaci ɗaya, yana iya samun wata amsa daban a wata na goma, kuma shi ma ba a yi masa kuskure ba. Ba duk masu ba da rance ke raba biya iri ɗaya ba.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. In an miƙo mini jadawali, ba na karanta shi duka, layi uku na farko nake dubawa. A kowane layi sai in raba ruwan da ragowar farkon watan. In amsar ta tsaya wuri ɗaya, kamar 0.02 a naka, to ruwa ne a kan ragowar bashi, kuma duk abin da na faɗa a sama ya hau.

In kuwa na ga ruwan kansa ne bai motsa ba, 24,000 a layi na ɗaya, 24,000 a na biyu, 24,000 a na goma, to wannan shi ne wanda ake kira fulat. Ana lissafa ruwa a kan adadin farko har ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan komai ba. Kashi 24 na 1,200,000 sau shekara biyu naira 576,000 ne, a haɗa da uwar kuɗi a raba 24, biyan wata ya zama 74,000, ruwa 24,000 uwar kuɗi 50,000 a kowane wata. Rabawar ba ta da wahala ko kaɗan, amma ka dubi tsadar. Jimlar ruwanka kai naira 322,687.60 ce, shi kuma 576,000, alhali takardunku duka biyun sun ce kashi 24. In ka rubuta `=RATE(24, -74000, 1200000)` za ka ga ainihin kason da yake biya ya kai kusan kashi 3.4 a wata, wato kusan kashi 41 a shekara. Ra'ayina a nan ba na ɓoye shi: faɗin kason fulat ba tare da faɗin ainihin kasonsa ba rufa-rufa ce, ko da doka ba ta hana ba. Ƙananan bankuna da manhajojin rance na waya da yawa da shi suke talla, domin lambar tana da daɗin ji.

Akwai na uku, wanda ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata suke so saboda ana iya yin sa da biro. Uwar kuɗi ce take tsayawa wuri ɗaya, 50,000 duk wata, ruwa kuma a kan ragowa. A irin wannan biyan wata ne yake sauka: 74,000 a wata na farko, 73,000 a na biyu, haka har ƙasa. A wata na goma ragowar 750,000 ce, ruwa 15,000, biya 65,000. Jimlar ruwansa 300,000, ƙasa da naka, domin an fi saurin rage bashin tun farko. `IPMT` ba zai ba ka amsar wannan ba, kuma ba ka ma bukatarsa.

Na huɗu ba kasafai ake rubuta sunansa a takarda ba, sai dai ka gane shi da alamarsa: biyan wata bai canzawa, ruwa kuma yana sauka da adadi ɗaya tak kowane wata. Ana kiransa ƙa'idar 78, domin in ka tara lambobi daga 1 zuwa 12 za ka samu 78. A bashin wata 24 jimlar 300 ce, sai a ba wata na farko kaso 24 cikin 300 na dukan ruwan, na biyu 23, har zuwa na ƙarshe 1. In ka biya har ƙarshe, babu bambanci a jimla. In ka so rufewa da wuri ne yake cizo. Da a kan wannan tsari kake, da bayan wata tara an riga an ci kaso 180 cikin 300 na ruwan, kimanin naira 193,613 maimakon 186,233, ragowarka ta fi ta yanzu da sama da dubu bakwai.

Ko a irin naka ma, kada ka yi mamaki in saƙon banki na wata na goma bai zo da 16,304.51 daidai ba. Bankuna da yawa da kwanaki suke lissafi, ba da wata ba. Sukan ɗauki ragowar, su ninka da kason shekara, su raba 365, su ninka da kwanakin da suka wuce tun biyan baya. A ragowarka ta yanzu ruwan kwana ɗaya kimanin naira 536 ne. In watan mai kwana 30 ne ruwan zai zama 16,081.16, in mai 31 ne 16,617.20. Ka ga amsarmu tana tsakaninsu. To wannan lambar, 536, ita ce ma'auninka. In ruwan da ka gani ya yi daidai da ninkinta, ko ya faɗa tsakanin waɗancan biyun, bambancin na kwanaki ne. In albashi ya yi jinkirin kwana biyar aka cire a makare, ka sa ran ƙarin kusan naira 2,680 a ruwan, ban da tara in yarjejeniyarku ta tanadi tara, kuma duk abin da ruwa ya ƙara ci daga rabon uwar kuɗi yake fita. Shi ya sa wanda ya saba jinkiri yakan kai wata na 24 ya tarar da ɗan bashi a gabansa, ya rasa daga ina ya fito.

In bambancin ya wuce na kwanaki, wuri biyu nake fara dubawa. Na farko, ko an cusa wani caji a cikin abin da ake cirewa, kamar inshorar bashi ko kuɗin kula da asusu. Waɗannan ba ruwa ba ne kuma ba uwar kuɗi ba ne, sai ka fitar da su gefe kafin ka raba. Na biyu, ko an canza kason. Takardun tayin rance da yawa suna ɗauke da sharaɗin cewa kaso zai iya canzawa bisa yanayin kasuwa, kuma ba magana ce ta fatar baki ba: Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 da yake kai a ƙarshen 2023 zuwa 27.5 a watan Nuwamban 2024, masu bashi da yawa kuma sun ji a jikinsu. In haka ta faru, tsohon jadawali ya mutu daga wannan ranar. Abin yi shi ne ka ɗauki ragowar a matsayin sabon bashi, watannin da suka rage a matsayin sabon wa'adi. Misali a ce daga wata na goma an mayar da kai kashi 30, wato 2.5 a wata. Ruwan watan zai zama 20,380.64, sabon biya na wata 15 kuma 65,842.88, uwar kuɗi 45,462.24. Wanda ya ci gaba da sa 1,200,000 da wata 24 a `IPMT` da sabon kaso zai samu lambar da ba ta da alaƙa da komai.

Na ga alamar abin da ke ranka shi ne ko za ka rufe bashin ko ka rage shi, tunda ba a cika tambayar ragowa haka kawai ba. In rufewa ce, abin da za ka biya shi ne ragowar uwar kuɗi, da ruwan kwanakin da suka taru tun biyan ƙarshe, da kuɗin rufewa da wuri in takardarka ta ambace shi. Ba biya 15 da suka rage za ka tara ba. Waɗannan sun kai kimanin naira 951,680, a cikinsu kusan 136,454 ruwa ne na watannin da ba su zo ba, kuma a tsarin ragowa ba a binka ruwan lokacin da ba ka riƙe kuɗin ba. In wani ya ba ka jimlar biyan da suka rage a matsayin abin da za ka biya ka rufe bashin, ka nemi ya rubuta maka rabe-raben a takarda.

In ragewa ce, ga yadda take. A ce ka sami naira 200,000 ka zuba nan da nan bayan biya na tara. Ragowa ta koma 615,225.59, ruwan wata na goma ya sauka zuwa 12,304.51, rabon uwar kuɗi ya hau 51,140.81. In ka ci gaba da biyan 63,445.32, bashin zai ƙare cikin wata 11 maimakon 15, na ƙarshen ma bai cika ba, kuma ruwan da ka tsira da shi ya kai kusan naira dubu 61. Sai dai ka rubuta musu a fili cewa a sauke kuɗin a kan uwar kuɗi. Na taɓa ganin wanda ya zuba irin wannan a asusunsa ba tare da takarda ba, kuɗin suka zauna ana gutsurar biyan wata daga ciki, ruwa kuma yana tafiya a kan tsohuwar ragowa kamar bai zuba komai ba. Sai bayan wata uku ya gane.

Lokacin da ka yi zubin ma yana da tasiri, domin ruwan ba a shimfiɗe yake daidai a tsawon bashin ba. A shekararka ta farko za ka biya ruwan kimanin naira 232,300, a ta biyu 90,388. Kusan kashi 72 cikin 100 na ruwan a rabin farko yake. In ka kai wata na 12, rabin lokaci ya wuce amma ana binka 670,956, fiye da rabin abin da ka karɓa. Wannan ne yake sa mutane su ce banki yana fara cin ruwansa kafin ya taɓa bashi, kamar wata dabara ce aka shirya. A tsarin ragowa ba dabara ba ce, bashin ne yake da girma a farko, ruwansa ma dole ya yi girma. Naka ma da sauƙi, tunda tun wata na farko uwar kuɗi ta fi ruwa. Ka dubi bashin gida na asusun gidaje na ƙasa, wanda ake bayarwa a kan kashi 6 har tsawon shekara 30. A naira miliyan goma biyan wata 59,955.05 ne, amma a wata na farko 50,000 ruwa ne, 9,955.05 kaɗai ke rage bashi, kuma rabon uwar kuɗi ba zai wuce na ruwa ba sai a wata na 223, bayan shekara goma sha takwas da rabi. Kason ƙarami ne, tsawon lokacin ne ya jawo haka.

Wani zai ce shi a bankin da ba ya hulɗa da ruwa ya karɓi nasa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 ko TAJ da ya biyo baya a 2019, amma jadawalinsa ma ya rabu gida biyu, kuɗin kaya da riba. A murabaha banki ne ya sayi kaya ya sayar maka da farashin da aka yanke tun farko, don haka abin da ake binka shi ne ragowar wannan farashi gaba ɗaya. Rabawar da ka gani a layuka hanya ce ta rubuta ribar a littafin banki wata-wata, kuma ko da lambobin sun yi kama da na sama, ba za ka ɗauka kai tsaye cewa ribar watannin gaba ta faɗi ba in ka biya da wuri. Rangwamen da za a yi maka ya danganta da abin da ke cikin yarjejeniya da tsarin bankin, sai ka tambaya kafin ka zuba. Hukuncin shari'a a kan bashi mai ruwa kuwa na malamai ne, ni lissafin na sani.

Abin da zan so ka yi gobe shi ne ka nemi takarda biyu, jadawalin biya da aka haɗa ranar da aka ba ka kuɗin, da kuma bayanin asusun bashin kansa, ba na asusun albashi ba. Jadawali yana faɗin abin da ya kamata ya faru, bayanin asusu yana faɗin abin da ya faru. Ka jera su, ka bi ragowar wata-wata. In sun tafi tare har layi na tara, shi ke nan, ka jira a cire na goma ka ga ko ragowar ta sauka kusa da 768,085. In sun rabu, layin farko da suka rabu shi ne inda za ka ɗora yatsa, ka dubi ranar da aka cire kuɗin a wannan watan da kason da aka yi amfani da shi, sannan ka shiga ofis da tambaya ɗaya takamaimiya a kan wannan layin.